Ƙanina yana sukwatin a hostal, manyan ɗakin sun mai da shi bawa: wa za mu kai wa ƙara?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ƙanina ya shiga aji ɗaya a jami'a bana, shekararsa 18. Bai samu gado ba, sai wani ɗan unguwarmu da ke aji uku ya ce ya zo ya raɓa a ɗakinsu. Da ya zo hutun ƙarshen mako sai na ga ya rame, yana tafiya a tattale, da ƙyar yake zama a sallah. Sai da na matsa masa sannan ya faɗa mini. Ranar da ya tare sun karɓi dubu goma wai kuɗin shiga ɗaki, duk Juma'a kuma dubu biyu. Shi ke ɗebo wa mutum tara ruwa, shi ke wanke tukwane da kayan mutum uku. Daren Laraba ya dawo daga karatu bai cika bokitai ba, suka tashe shi ƙarfe biyu suka sa shi tsallen kwaɗo a baranda har ya faɗi, ɗaya yana ɗauka a waya. Ya haɗa ni da Allah kada in gaya wa Baba, wai idan magana ta fita shi za a fara kora, tunda zamansa a ɗakin ba bisa ƙa'ida ba ne. Gaskiya ne hakan? Kuma wa ake kai wa irin wannan ƙarar?

Sadik Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ranki ya ɓaci, amma wannan ai ba sabon abu ba ne. Duk wanda ya yi jambito, wato shekarar farko a jami'a, ya ɗebi ruwa, ya share ɗaki. Mu ma mun yi, ga mu nan da ranmu. Semesta ɗaya ce, baɗi shi ma zai samu na aike. Kai ƙara shi zai ɓata lamarin, domin ofis ƙarfe huɗu ake rufewa, shi kuwa da su zai kwana.

Nas Hadiza: Ku dakata da maganar ƙara tukuna. Maman Iman, kira shi yanzu ki tambaye shi launin fitsarinsa. Idan ya koma kamar baƙin shayi, ko ya ragu sosai, ga cinyoyi sun kumbura suna ciwo, kada a kwana, a kai shi asibiti. Idan aka tilasta wa wanda bai saba ba tsallen kwaɗo mai yawa, naman cinya yakan farfashe, abin da ya fita daga cikinsa ya bi jini ya je ya toshe ƙoda. Ba a ranar yake nunawa ba, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa ake ɗauka gajiya ce. Ya sha ruwa da yawa, kuma kada a saya masa dikilofenak ko ibufurofen a kemis, suna ƙara wa ƙoda nauyi. A asibiti a gaya wa likita ainihin abin da ya faru, kada ya ce ƙwallo ya buga. Abin da likita ya rubuta a katinsa ranar, shi ne shaidar da ba mai iya musawa daga baya.

Maman Iman: Innalillahi. Na tambaye shi, ya ce ranar Alhamis ya yi duhu amma yanzu ya fara washewa. Mijina zai kai shi da yamma. Na gode Anti.

Nas Hadiza: Ko ya washe a yi gwajin jini na ƙoda. Idan ya koma kuma ya je asibitin makaranta da takardar, a saka a fayil ɗinsa na can.

Kabiru Gwammaja: Ni shawarata ku tafi wajen firinsifal kai tsaye, ku kira shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Haka muka yi lokacin da wani firifet ya fasa wa ɗan yayana baki, a gaban asambuli aka zane shi.

Sadik Injiniya: Malam Kabiru jami'a ake magana, ba sakandaren kwana ba. Babu asambuli.

Kabiru Gwammaja: Au, to ai halin ɗaya ne. Waɗanda suka yi siniyoriti a makarantar kwana su ne suke ɗauko shi su kawo can.

Malam Isiyaku Mai Ritaya: Kabiru bai yi ƙarya ba a wannan, yawancinsu daga can suka koyo. Ni na yi aiki a sashen kula da harkokin ɗalibai har na yi ritaya, bari in ɗan yi tsawo.

Sadik, akwai aikin ɗaki, akwai zalunci, kuma bambance su ba wuya. Idan ɗaki ya yi jadawalin shara da ɗibar ruwa, sunan kowa na ciki har ɗan aji huɗu, wannan zaman tare ne. Ko da sabon ya fi yawan aike don girmama na gaba, ba mai kawo mana wannan. Tambayar da nake yi wa yaro idan ya zo gabana ita ce: ranar da ka ce ba za ka yi ba, me ya same ka? Idan amsar ita ce sun yi tsaki sun ƙyale ni, sai in ce je ka yi haƙuri. Idan amsar ita ce an hana ni barci, an watsar mini da kaya waje, an mare ni, an ci ni tara, to magana ta canza. A labarin yaron nan ga kuɗin dole da ake karɓa duk mako, ga horon jiki da tsakar dare, ga bidiyo. Bidiyon ma ya fi tayar mini da hankali, domin ba don nishaɗi kaɗai ake ɗauka ba, ana ajiye shi ne a riƙa tsorata yaro da shi.

Sai maganar sukwatin. Gaskiya ne laifi ne, kusan kowace jami'a ta rubuta shi a littafin dokokin da ake raba wa ɗalibai lokacin rajista. Amma a iya abin da na gani, hukuncinsa a fitar da kai daga ɗakin, wataƙila da tara ko takardar gargaɗi, shi kuma mai gadon ya rasa gadonsa. Duka da karɓar kuɗi da ƙarfi kuwa suna cikin manyan laifuka, masu kai mutum ga dakatarwa ta semesta ɗaya ko biyu, ko kora baki ɗaya. Su manyan sun san wannan sarai. Shi ya sa suke zaɓar mai sukwatin, su cusa masa tsoron kora, alhali su ne ke da abin asara. A duba littafin makarantarsu a tabbatar, don kowace da nata.

Maman Iman: Allah ya saka da alheri Baba. To ya ɓoye maganar sukwatin ɗin ne idan ya je, ko ya faɗa?

Malam Isiyaku Mai Ritaya: Ya faɗa da bakinsa, a layin farko ma. Minti biyu ya ishi mai kula da hostal ya buɗe rajista ya ga ba sunansa a ɗakin. Idan su suka gano, duk sauran maganarsa ta raunana. Idan shi ya faɗa, an wuce wurin.

Ga yadda za ku yi, 'yata. Kafin kowa ya ji labari, ya zauna ya rubuta abin da ya faru bi da bi: rana, lokaci, wa ya yi, wa ke tsaye. Sunan da ake kiransu da shi bai isa ba, "Sanata" da "Janar" sun cika kowane bulo. A nemo cikakken suna, ko aƙalla sashe da aji da lambar ɗaki. Idan ta waya ya tura kuɗin, a fitar da bayanan asusunsa, don sunan wanda ya karɓa yana jiki. Saƙonnin da suka tura masa a ɗauki hotonsu a turo wayarki, tunda abu na farko da za su yi idan suka ji ƙishin-ƙishin shi ne karɓe wayarsa su goge.

Sannan takarda zuwa ga Din na harkokin ɗalibai. Shafi ɗaya ya wadatar, ba a son dogon turanci ko zagi. Sunansa, lambar rajista, sashe, bulo da ɗaki. Sai ya ce ranar kaza da misalin ƙarfe biyu na dare wane da wane suka tashe ni suka sa ni kaza, wane ya ɗauki bidiyo, na je asibiti ranar kaza, ga takarda. A ƙarshe ya faɗi abin da yake roƙo a fili: a bincika, a ba shi kariya, a duba masa wurin kwana. A yi kofi biyu, sakatariya ta buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Wannan hatimin kada ku fito ba shi. Na ga ƙorafin baki da yawa da suka mutu a kan benci, mai hatimi kuwa dole wani ya amsa tambaya a kansa. A kai kofi ɗaya ofishin tsaron makaranta, su ne masu ɗaukar jawabi su kira waɗanda ake zargi.

Zulai A.: Baba ka tsallake fota da mai kula da hostal, kuma na ji daɗi da ka tsallake. Ni a ɓangaren mata abin ya same ni. Mu ba tsallen kwaɗo, salon daban ne. Wata ta ce ni ce 'yar ɗakinta, wai ita ce uwata a makaranta. Da farko har abinci take ba ni. Daga nan sai wankin kayan ciki, sai rubuta mata aikin gida, mayafina da takalmina suka zama nata. Ranar da ta ce in shirya in raka ta wajen wasu baƙi a gari na ce a'a, sai ɗaki gaba ɗaya suka daina yi mini magana, na dawo daga lakca na tarar an jiƙa mini katifa. Na je na gaya wa matar da ke bakin ƙofa. Ashe ƙawarta ce, tana kawo mata tsaraba duk hutu. Kafin in hau bene labari ya riga ni. Abin da ya cece ni wata malama ce a sashenmu, mai ba ajinmu shawara, ita ta riƙe hannuna har ofishin Din.

Malam Isiyaku Mai Ritaya: Allah ya kyauta. A ƙa'ida ta hannun mai kula da hostal ake bi, kuma akwai na kirki da yawa a cikinsu. Amma idan ana shakkarsa, ba dokar da ta hana ɗalibi zuwa sama kai tsaye. Abin da kika faɗa na malamin aji kuma hanya ce mai kyau, takardar da malami ya rako ba ta kwana a tire.

Abba Kwamared: Duk wannan dogon zance ne. A ba ni sunayensu da lambar ɗaki. Mu sa su a Facebook da X yau, gobe da safe shugaban jami'a da kansa zai neme ku. Hukumar makaranta ba ta jin takarda, kunya take ji. Ko kuma a kai wa ƙungiyar ɗalibai, akwai daraktan walwala, aikinsa ke nan.

Barista Nafi'u: Kwamared a yi a hankali. Ka sa sunan mutum da hotonsa ka kira shi azzalumi kafin a tabbatar, ka ba shi damar juya magana ta koma ɓata suna, kuma ka tona yaron da ake son karewa. Ƙungiyar ɗalibai ba laifi a matsayin 'yan rakiya, amma ba su da ikon hukunta kowa, sau da yawa kuma sulhu suke yi a ɗaki a tashi.

Ta fuskar doka, ba sai an nemo wani abu mai suna cin zalin sababbin ɗalibai ba. Abubuwan da aka yi masa kowanne laifi ne da kansa a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa: raunata mutum, tsoratarwa, da karɓar dukiya ta hanyar barazana. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. Akwai kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, sai dai ita a Abuja ta fara aiki, kowace jiha sai ta amince da tata, don haka a duba jihar da makarantar take.

Abu ɗaya da nake so iyalin su sani tun yanzu: yaron zai fuskanci mutanen nan ido da ido a gaban kwamitin ladabtarwa. Ba mugunta ba ce. A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, ta soke korar ɗaliban da aka kora bayan wata tarzoma, saboda ba a ba su cikakkiyar damar kare kansu ba, ta kuma ce zargin aikata babban laifi aikin kotu ne. Tun daga nan jami'o'i ke taka-tsantsan. Dole a gaya wa wanda ake zargi abin da ake zarginsa da shi, a saurare shi. Idan abin ya kai rauni mai tsanani ko makami, za ku ga suna miƙa wa 'yan sanda. Ku ma kuna da ikon zuwa ofishin 'yan sanda da kanku, kai ƙara makaranta bai toshe wannan ƙofar ba.

Sadik Injiniya: To kun ji. Ido da ido. Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Kwamiti zai ɗauki wata biyu yana zama, yaro yana haɗuwa da abokansu a masallaci da wurin cin abinci. Ko an kori uku, shida na nan. Ni ban ce abin da suka yi daidai ne ba, na janye maganar semesta ɗaya tunda har da asibiti. Amma a cire shi daga ɗakin, a kama masa wuri a waje, a bar su da Allah.

Zulai A.: A bar su da Allah, sai su ɗauko wani jambiton ranar Litinin. Gadon ba zai kwana ba kowa ba, Yaya Sadik.

Malam Isiyaku Mai Ritaya: Rabin maganar Sadik gaskiya ce, kuma ita ce ta farko a jeri: kada takarda ta shiga ofis alhali yaron yana kwana a ɗakin. A fara kwashe kayansa da rana tsaka lokacin lakca, takardun makaranta da katin shaida su fara fita, ya tafi da babba. A ce musu gida aka ce ya koma wajen ɗan'uwa. Washegari a kai ƙara. Duk wanda ya tare shi bayan haka, ko da harara da magana ce, a rubuta a ƙara kaiwa, domin tsorata mai ƙara laifi ne sabo, kuma kwamiti ya fi saurin tashi a kansa.

Amma Maman Iman, tambaye shi abu ɗaya cikin natsuwa. Akwai wanda ya taɓa ce masa zai shigar da shi cikin wasu da za su kare shi? An taɓa kiransa wani taro da dare a bayan makaranta, ko aka ce ya kawo kuɗin fom na abin da ba a faɗa masa sunansa ba, ko aka sa shi rantsuwar rufe baki? Wani lokaci matsin na share fage ne: wasu su takura maka, wani ya fito a matsayin mai ceto. Idan akwai wannan, to ƙungiyar asiri ce, ba maganar mai kula da hostal ba ce kuma. Shugaban tsaron makaranta za a gani a keɓe, kuma yaron ya bar harabar tukuna.

Abba Kwamared: Haba Baba, wannan ai matsalar Kudu ce.

Malam Isiyaku Mai Ritaya: Can ta fi ƙarfi, ba musu. Mu da muke aiki a 1999 ba mu manta daren 10 ga Yuli ba, da 'yan ƙungiyar asiri suka shiga hostal a jami'ar Ile-Ife suka kashe ɗalibai biyar. Amma jami'ar tarayya daga ko'ina ake zuwa, kuma ba banza ba ake sa kowane sabon ɗalibi a nan ma ya yi rantsuwar cewa ba ya cikin irin waɗannan ƙungiyoyi. Tambaya ce kawai, in ba komai shi ke nan.

Isufu Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Mu nan bizutaj ake ce masa, daga tsarin Faransa muka gaje shi. Abin da ya ba ni sha'awa, su can Faransa tun 1998 suka mai da shi laifi mai zaman kansa, ɗaurin wata shida da tara, kuma dokar ta ce ko da yardar yaron aka yi, laifi ne. Don kullum abin da manya ke fakewa da shi ke nan, wai wasa ne, shi ma yana dariya.

Barista Nafi'u: Wannan kariyar za su kawo a nan ma, ka ƙaddara. Za su ce ga bidiyo, ba wanda ya riƙe shi. Amsar ita ce takardar asibiti da kuɗin da ke fita duk Juma'a.

Maman Iman: Mun dawo daga asibiti, sun ɗebi jini, sun sa masa ruwa leda biyu, sun ce a dawo jibi a sake gwaji. Na yi masa tambayar Baba Isiyaku, ya ce ba wanda ya kira shi wani taro. Kuɗin kuwa sau biyu kawai ya tura ta waya, sauran a hannu ya bayar. Yanzu matsalar ɗan unguwar tamu ce. Ya ce shi bai taɓa sa shi komai ba, amma yana kwance a gadonsa daren, bai ce uffan ba. Mahaifiyarsa ƙawar Ummanmu ce tun suna 'yan mata. Idan aka kai ƙara gadonsa zai tafi, a kan taimakon da ya yi mana.

Zulai A.: Taimakon da ya kai shi gadon asibiti? Da idonsa ya gani ya juya baya.

Sadik Injiniya: Ke ma kin san ɗaya ba ya ja da takwas. Wataƙila shi ma haka aka yi masa a aji ɗaya.

Malam Isiyaku Mai Ritaya: Sau biyun nan sun isa, suna nuna hanya. Shi kuma ɗan unguwar, sunansa zai fito ko kun so ko ba ku so ba, tunda za a tambayi wa ya kawo yaron ɗakin. Abin da ya fi masa shi ne ya zo a matsayin shaida, ba a kirawo shi a matsayin ɗan ɗaki ba. Na ga inda kwamiti ya sassauta wa irinsa, na kuma ga inda bai sassauta ba, ba zan yi muku alkawari ba. Amma kada ku kira shi a waya yanzu. Sai kaya sun fita, sannan mijinki ya zaunar da shi. Kuma 'yata, ki gaya wa mahaifinku. Ofishin Din za su nemi uba ko waliyyi, gara ya ji daga bakinki.

Barista Nafi'u: Ni da za a bi tawa, ba za a yi masa magana ba sai takarda ta shiga. Kwana ɗaya ya ishe su su goge bidiyon su haɗa baki.

Malam Isiyaku Mai Ritaya: Idan ya ji daga sikiriti kafin ya ji daga gare su, ya zama na wancan ɓangaren, Barista. Shaida ɗaya daga cikin ɗaki ya fi bidiyon da ba a hannunmu yake ba.

Barista Nafi'u: To a yi duka biyun rana ɗaya. A buga hatimi da safe, a zaunar da shi kafin azahar.

Maman Iman: Zan gaya wa Baba bayan isha'i. Shi ƙanin nawa har yanzu cewa yake a canza masa wuri kawai, ba ya son a ce shi ne ya kai ƙara. Barista, idan ya ƙi sa hannu, ni zan iya rubutawa a madadinsa?

Barista Nafi'u: Za ki iya rubutawa a matsayin 'yar'uwarsa, za su karɓa, za su iya fara bincike. Amma ya kai 18, kuma shi abin ya faru a kansa. Idan aka kira shi ya ce ba komai, fayil ɗin a nan zai tsaya. Ki bar shi ya ga sakamakon gwajin jibi tukuna, sannan ku sake magana.